Leƙe ko Sanarwa: Yadda Bayanin Oda Ke Barin Shagon Intanet Ya Shiga Rahoto

Bayanin cinikin shagon intanet a wuri biyu yake zama. Wuri na farko shi ne dandalin da mai saye ke shiga ya zaɓi kaya ya biya, inda kowace oda ke samun lamba da lokaci da kuɗi. Na biyu shi ne rahoton da mai shago ko akawunsa ke buɗewa domin ganin cinikin yini, wanda sau da yawa tebur ne kawai a Google Sheets, ko wani allo mai jimillar kuɗi da yawan kayan da suka fita. Waɗannan wurare biyu ba sa magana da juna da kansu. Sai an haɗa wata 'yar manhaja a tsakani, ta riƙa kwaso abin da ya faru a dandali tana zubawa a rahoto, kuma hanyoyin da take bi guda biyu ne.

A hanya ta farko manhajar ce ke zuwa tambaya. Duk bayan wani lokaci da aka tsayar, sai ta tuntuɓi dandali ta ce a ba ta odar da ta shigo ko ta sauya tun zuwanta na baya. Takardun masu haɗa manhaja suna rubuta sunan wannan hanya `polling`, a nan kuwa za a kira ta leƙe. A hanya ta biyu dandalin ne ke aiko da labari: da zarar wani abu ya faru, sai ya turo saƙo zuwa wani adireshin intanet da mai shago ya ba shi tun farko. Sunanta a allon dandali `webhook`, sunan da wani mai haɗa manhaja, Jeff Lindsay, ya ƙirƙira a 2007, a nan kuma za a kira ta sanarwa. Wanda ya taɓa jiran saƙon kaya a tashar mota ya san bambancin. Ko dai ya riƙa tura yaro yana dubo ko motar ta iso, ko kuwa ya bar wa direba lambar waya ya jira kira. Yaron zai yi zirga-zirga da yawa a banza, amma ba zai rasa motar ba. Kiran direba ya fi sauri, sai dai in ya tarar da waya a kashe, shi ke nan.

Za a bi batun ta kan Shopify, dandalin da aka kafa a Ottawa ta ƙasar Kanada a 2006, domin ƙa'idojinsa a rubuce suke kuma sun yi kama da na sauran dandalai. Za a kuma ɗauki misalin wani shago na ƙiyasi mai sayar da turare, wanda ke samun oda wajen 120 a yini.

Yadda leƙe ke aiki

Dandali yana da ƙofar da aka ware wa manhajoji, wadda ake rubutawa `API`. Mai shago yana samar da mabuɗin sirri daga dandalin ya ba manhajarsa, ita kuma tana haɗa shi da kowace tambaya domin a san ko wace ce. A tsohon salon Shopify, wanda ya fi sauƙin karantawa, tambayar tana kama da haka:

```
GET /admin/api/2024-10/orders.json
    ?status=any
    &updated_at_min=2024-11-04T10:00:00Z
    &limit=250
```

Ma'anarta: a ba da duk oda, ko a wane hali take, wadda aka taɓa tun daga ƙarfe goma na safiyar 4 ga Nuwamba, kuma kada a wuce 250 a amsa ɗaya. Tun watan Oktoba na 2024 Shopify ya ayyana wannan salo a matsayin tsoho, yana karkata mutane zuwa wanda ake kira GraphQL, amma tunanin bai sauya ba: ana faɗin lokacin farawa, ana karɓar abin da ya biyo bayansa.

Kowane ɓangare na wannan tambaya yana rufe wata kafa da rahoto ke yoyo ta cikinta. Idan aka bar `status=any`, dandalin zai ba da odar da take buɗe kawai, wadda aka soke ko aka rufe ba za ta fito ba. Idan aka bar `limit`, hamsin kawai za a samu. Ko da an sa 250 ɗin, in abin da ya taru ya wuce haka dandalin zai bayar da shi shafi-shafi, tare da alamar inda shafi na gaba yake, kuma manhajar da ta karɓi shafin farko ta tafi ta bar saura a can. Irin wannan kuskure ba ya bayyana a ranakun da kasuwa ke tafiya daidai. Sai ranar jajibirin salla, da ciniki ya ninka, sannan rahoto ya tsaya cak a kan adadi ɗaya da ba ya motsi.

Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne `updated_at_min`. Kowace oda tana ɗauke da lokuta biyu: `created_at`, lokacin da aka yi ta, da `updated_at`, lokacin da aka taɓa ta na ƙarshe. Sabon shiga yakan nemi odar da aka yi tun zuwansa na baya, domin a ganinsa sabon abu shi ne sabuwar oda. Amma oda ba ta tsayawa yadda aka yi ta. Tana iya shigowa ba a biya ba, a biya daga baya, a aika kayan, mai saye ya mayar da rabi, a mayar masa da kuɗi bayan mako biyu. Rahoton da ke bin lokacin ƙirƙira kawai zai ci gaba da lissafa kuɗin da tuni ya koma aljihun mai shi. Saboda haka lokacin taɓawa ake bi, kuma duk odar da ta sake fitowa ana sabunta layinta ne a tebur, ba a buɗe mata sabon layi.

Manhajar leƙe tana buƙatar tuna abu guda tsakanin zuwa da zuwa, wato inda ta tsaya. A nan akwai ɗabi'u biyu da suka raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka. Ta farko, ba a rubuta sabon wurin tsayawa sai an gama zuba komai a rahoto. Idan aka rubuta shi tun farko sannan intanet ta yanke a tsakiya, zuwa na gaba zai fara daga gaba, abin da ke tsakani ya faɗa rami ba tare da kowa ya sani ba. Ta biyu, ana ja da baya kaɗan. Idan an tsaya a 10:05, zuwa na gaba sai ya nemi komai tun daga 10:00. Dalili shi ne agogon kwamfutar mai shago da na dandali ba lallai su zo ɗaya ba, kuma odar da ake cikin rubutawa a daidai daƙiƙar tambaya tana iya bayyana bayan an riga an wuce lokacinta. Ja da bayan zai sa wasu oda su zo sau biyu, amma tunda sabunta layi ake yi, hakan bai cutar da komai.

Sai kuma batun tazara. Lissafin mai sauƙi ne. Leƙe duk minti biyar tambaya 288 ne a yini, kuma a matsakaici oda za ta jira minti biyu da rabi kafin ta bayyana, mafi tsawo biyar. Leƙe duk minti ɗaya tambaya 1,440 ne. Ga shagon turare mai oda 120, waɗanda yawancinsu da rana da farkon dare suke shigowa, mafi yawan waɗannan tambayoyi amsa ɗaya za su samu: babu komai. Wannan ne abin da ake yawan sukar leƙe da shi, kuma sukar gaskiya ce, sai dai ana zuzuta ta. Shopify a tsohon salonsa yana barin manhaja ta jero tambaya har 40 a jere, sannan yana sake buɗe mata gurbi biyu a kowace daƙiƙa. Wanda ya wuce gona da iri zai sami amsar `429 Too Many Requests`, wato ya dakata. Shago guda mai tambaya sau ɗaya a minti bai ko kusanci wannan iyaka ba. Wanda abin ke damu shi ne kamfanin da ke haɗa rahoto wa shaguna dubu, ko mai kwaso tarihin shekara guda a zama ɗaya.

Abu ɗaya ne leƙe ba ya gani ko kaɗan, shi ne odar da aka goge gaba ɗaya. Wadda aka soke tana nan da alamar sokewa, za ta fito a amsa. Wadda aka goge kuwa ba ta da lokacin taɓawa balle a same ta da shi, don haka za ta zauna a rahoto har sai an kwatanta jerin duka da na dandali.

Yadda sanarwa ke aiki

A nan aikin ya juye. Mai shago ne ke tanadar adireshi da ke buɗe ga intanet, mai farawa da `https`, a kan kwamfutar da ba ta barci, wadda masu sana'ar ke kira saba. Sannan ya yi rajista a dandali ya faɗi irin labarin da yake so. Shopify ya raba labaran gida-gida: `orders/create` ga sabuwar oda, `orders/paid` idan an biya, `orders/updated` idan an sauya wani abu, `orders/cancelled` idan an soke, `orders/delete` idan an goge. Da zarar ɗaya ya faru, dandalin zai turo saƙo mai ɗauke da bayanin odar. Ga ɗan yanki daga irin abin da ke ciki:

```
{
  "id": 5801234567890,
  "name": "#1042",
  "total_price": "18500.00",
  "financial_status": "paid",
  "updated_at": "2024-11-04T11:02:10+01:00"
}
```

Galibi cikin 'yan daƙiƙu saƙon ke isowa, kuma babu tambayar banza ko ɗaya: oda 120, saƙo 120 na ƙirƙira, sai na sauye-sauyen da suka biyo baya. Wannan shi ne kyawun sanarwa, kuma a fili yake. Nauyin da ke tattare da ita ne ba a cika gani ba sai an fara.

Nauyi na farko shi ne amsa cikin gaggawa. Shopify yana jiran daƙiƙa biyar kacal a ce masa `200 OK`, wato an karɓa. Idan manhaja ta tsaya buɗe tebur, tana lissafi, tana rubutu kafin ta amsa, har lokacin ya wuce, dandalin zai ɗauka saƙon bai isa ba ya sake turowa, alhali kuwa an riga an rubuta. Daga nan ake samun oda ɗaya ta fito sau biyu ko uku a rahoto. Ƙa'idar ita ce a karɓi saƙo, a ajiye shi a layin jira, a amsa nan take, sannan a yi aikin daga baya. Ko da an kiyaye wannan, dandalin da kansa ya faɗa cewa saƙo ɗaya na iya zuwa fiye da sau ɗaya. Maganin bai bambanta da na leƙe ba: lambar `id` ce shaidar oda, kuma kowace lamba layi ɗaya take da shi.

Nauyi na biyu shi ne tantance mai aikowa. Adireshin da ke buɗe ga dandali a buɗe yake ga kowa. Duk wanda ya gano shi yana iya turo saƙon ƙarya cewa an biya oda ta dubu ɗari biyar, kuma idan rahoton ne masu ɗaure kaya ke dubawa, kaya sun fita ke nan babu kuɗi. Saboda haka Shopify yana haɗa kowane saƙo da sa hannu a wani kan saƙo mai suna `X-Shopify-Hmac-Sha256`. Yana samar da shi ne ta hanyar cuɗa jikin saƙon da wani sirri da shi da manhajar kawai suka sani. Mai karɓa sai ya yi irin wannan lissafin a nasa ɓangaren ya kwatanta: in sun zo ɗaya saƙon na gaskiya ne, in sun saɓa a yar da shi. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne dole a yi lissafin a kan saƙon yadda ya zo, harafi da harafi. Idan manhaja ta riga ta warware shi ta sake jerawa, ko tazara ɗaya ce ta sauya, sa hannun ba zai dace ba, sai a ga ana ta ƙin saƙonni na gaskiya.

Wannan ya shafi masu tebur a Google Sheets kai tsaye. Manhajar Apps Script da ke tare da shi tana iya karɓar saƙo daga waje, shi ya sa mutane da yawa ke sha'awar nuna wa dandali adireshinta kawai su huta. Amma ba ta barin a karanta kan saƙo, inda sa hannun yake, don haka babu hanyar tantancewa. Ita dai wannan manhaja tana da agogon da ke iya tayar da aiki duk minti ɗaya, ko biyar, ko duk awa, wanda ya sa ta dace da leƙe sosai. Mai ƙaramin shago da ba shi da saba ya riga ya sami amsarsa a nan.

Nauyi na uku ya fi sauran wuyar ganewa, domin yana saɓa wa yadda mutum ke zato. Ba a yi alkawarin saƙonni za su iso a jere yadda abubuwan suka faru ba. A ɗauki oda #1042 ta naira 18,500. An biya da 11:02, sai mai saye ya kira ya ce ya yi kuskuren zaɓen turare, aka soke da 11:04 aka mayar masa da kuɗi. A daidai lokacin saƙon biya, sabar ta yi jinkiri, saƙon bai shiga ba, ya koma jiran sake turowa. Saƙon sokewa ya zo ya shiga lafiya, rahoto ya nuna an soke. Can bayan wasu mintuna saƙon biya ya dawo, manhaja ta rubuta shi a kan na baya, oda ta koma biyayya. Da yamma jimillar rahoto ta ɗara ta dandali da naira 18,500, kuma babu wata alamar kuskure a ko'ina, domin kowane saƙo na gaskiya ne, da sa hannunsa daidai. Abin da ke hana wannan sharaɗi ne guda: kafin a rubuta, a kwatanta `updated_at` na saƙon da wanda ke tebur, in na saƙon ya fi tsufa a ƙyale shi. Wasu ma ba sa amfani da abin da ke cikin saƙon ko kaɗan. Suna ɗaukar lambar odar kawai, su koma dandali su tambayi halin da take ciki yanzu, abin da ya mayar da sanarwa ƙararrawar tashi kawai, leƙe kuma ya yi ainihin aikin.

Na huɗu, kuma mafi tsada, shi ne abin da ke faruwa idan mai karɓa ya daɗe ba ya nan. Shopify yana sake gwada saƙon da bai shiga ba sau takwas cikin awa huɗu. A da sau 19 ne cikin awa 48, an rage. Bayan nan saƙon ya tafi, kuma idan ta ƙofar manhaja aka yi rajistar, dandalin na iya soke ta gaba ɗaya saboda yawan gazawa. A ce shagon turaren ya ɗora manhajarsa a kan kwamfutar ofis, aka ɗauke wuta da tara na dare, batirin ya ƙare, ba a tayar da janareto ba sai shida na safe. Awa tara ke nan. Odar da ta shigo daga tara na dare zuwa wajen biyu ta cinye damarta ta awa huɗu, ba za a sake turo ta ba. In kuma rajistar ta mutu, ko bayan wuta ta dawo ba abin da zai zo, rahoto ya yi shiru irin na ranar da babu kasuwa. Da leƙe ake yi, da ƙarfe shida manhajar za ta tashi ta ce a ba ta komai tun tara na dare, ta cike giɓin a tambaya ɗaya.

Kowane dandali da irin haƙurinsa. WooCommerce, wanda ake ɗorawa a kan WordPress, yana kashe sanarwa idan ta gaza sau da yawa a jere, sai an shiga an sake kunna ta da hannu. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi da aka kafa a Legas wanda shagunan Nijeriya da dama ke amfani da shi, yana turo `charge.success` idan an biya, da sa hannu a `x-paystack-signature`, kuma yana ci gaba da gwadawa har awa 72. Tare da haka ya tanadi wata ƙofa ta daban da manhaja ke iya tambayar ko wani biya ya tabbata. Wanda zai haɗa rahoto ya kamata ya fara da neman wannan adadi a takardun dandalinsa, ya kwatanta da mafi tsawon lokacin da sabarsa ta taɓa yi a kashe.

Yadda ake gane rahoto ya fara yoyo

Gazawar hanyoyin biyu ba iri ɗaya ba ce. Leƙe idan ya gaza yana yin ƙara: tambaya ta tafi, amsa ba ta zo ba ko ta zo da lambar kuskure, kuma manhaja na iya sanar da mai shago nan take. Sanarwa idan ta gaza shiru take yi, kuma shiru ba shi da bambanci da rashin ciniki. Saboda haka rahoto mai kyau yana nuna a samansa lokacin da bayani na ƙarshe ya shigo. Shagon da ya saba ganin oda kusan goma a awa da rana, in ya ga awa biyu babu ko ɗaya, ya san inda zai duba.

Alama ta biyu tana cikin lambobin oda. A Shopify lambar da mai saye ke gani tana farawa daga #1001 tana hawa ɗaya bayan ɗaya. Idan tebur ya tashi daga #1057 ya dira a #1071, oda 13 sun ɓata a hanya, sai fa in an goge su da gangan. Alama ta uku ita ce kwatanta jimilla: yawan oda da jimillar kuɗin jiya a rahoto, a aza su gefen na dandali. Idan rahoto ya fi yawa, a nemi layin da ya maimaitu ko sokewar da ba ta shiga ba. Idan ya gaza, a nemi giɓi.

Akwai wani saɓani da ke kama da yoyo alhali ba shi ba ne. Agogon Nijeriya da Nijar yana gaban agogon duniya na `UTC` da awa ɗaya. Odar da aka yi da 12:30 na dare a Kano, a agogon duniya 11:30 ce ta daren jiya. Idan dandali yana yanka yini da agogon shago, rahoto kuma yana yankawa da na duniya, jimillar kullum za ta riƙa saɓawa da ɗan kaɗan, yau sama gobe ƙasa, amma jimillar wata ta zo kusan daidai. Alamar `+01:00` ko harafin `Z` da ke ƙarshen lokaci ita ke faɗin da wane agogo aka rubuta shi, kuma manhajar da ta yanke wannan wutsiya ta yar ta jefa kanta cikin wannan ruɗani.

Wace za a ɗauka

Tambayar da ke yanke hukunci ba ta fasaha ba ce: wa ke duba rahoton, kuma me zai yi dabam idan bayanin ya makara da minti goma? Akawun da ke buɗe tebur sau ɗaya da safe ba ya amfana da saƙon da ya iso cikin daƙiƙa uku. Leƙe duk awa, ko ma sau ɗaya da asuba, ya ishe shi, kuma ya tsira daga saba da sa hannu da layin jira. Mai shagon da ke son ganin yadda yini ke tafiya, minti biyar ko goma sha biyar sun wadatar. Inda sanarwa ke biyan wahalarta shi ne inda minti ke da kuɗi: allon ɗakin ɗaure kaya da mai babur ke jira a ƙofa, ko kaya 'yan kaɗan da ake sayarwa a shago da intanet lokaci guda, inda jinkiri ke sa a sayar wa mutum biyu kwalba ɗaya. Haka nan kamfanin da ke hidima wa shaguna masu yawa, wanda tambayoyin banza za su taru su yi masa nauyi.

Ko a waɗannan wurare ba a barin sanarwa ita kaɗai. Shopify da kansa ya rubuta cewa bai ba da tabbacin kowane saƙo zai isa ba, ya kuma shawarci masu manhaja su riƙa gudanar da aikin daidaitawa lokaci-lokaci. Wannan aiki leƙe ne mai tazara: duk awa, ko kowane dare, manhaja ta nemi duk abin da aka taɓa a kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, ta sabunta tebur, ta kuma duba ko rajistar sanarwa tana nan da rai. Tunda hanyoyin biyu ta ƙofa ɗaya suke rubutu, da lambar `id` da sharaɗin `updated_at`, ba sa taka juna. Abu guda da za a kiyaye shi ne Shopify yana nuna wa manhaja odar kwana 60 na baya kawai, sai an nemi izini na musamman mai suna `read_all_orders` kafin a ga abin da ya wuce haka, don haka giɓin da aka bari ya tsufa ya fi wuyar cikewa.

Wannan ya nuna tsarin da ya kamata a bi wajen gini. Rahoton da aka gina a kan leƙe kaɗai yana makara amma a cike yake. Wanda aka gina a kan sanarwa kaɗai yana da sauri, amma ba wanda zai iya rantsuwa a kan jimillarsa. Don haka leƙe ake fara ginawa, a bar shi ya yi aiki har jimillarsa ta riƙa dacewa da ta dandali kullum, sannan a ƙara sanarwa idan an sami wanda jiran minti biyar ke jawo wa asara.